Ɗakin da Ba Shi da Ƙofa a Maamobi

Motar albasa ce ta sauke ni a tashar Tudu ta birnin Accra, wanda mutanenmu ke kira Ankara, shekara guda bayan Gana ta sami mulkin kai. Na zo ne neman makarantar horon malamai, don an ce mini a can ba a tambayar ɗan wane ne kai. Ina tsaye da akwatina na kwano sai wani dogo mai zanen Gobirawa a fuska ya yi mini sallama da Hausa tsantsa, ya ce ai baƙo ba ya ɗaukar kaya a garin da ɗan'uwansa yake. Ya ɗora akwatin a ka, muka kutsa cikin kasuwa. Na tsaya kauce wa wata mai tallan kifi, ina ɗagowa babu dogo, babu akwati. Takardun makarantata duka suna ciki. Karatun da na zo yi a nan ya ƙare, tun ban sha ruwan garin ba.

Da tambaya na kai Nima, unguwar da Hausawa suka fi yawa. Abin da ya fara tarbata shi ne babbar kwatar da ta raba ta da unguwar Maamobi, baƙin ruwa mai kumfa, da mushen kaji, da yara suna tsallake ta kamar ba komai. Na zauna a gindin wani bango ina toshe hanci. Wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai, Hajiya Memuna, ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo mini kwano.

“Sha, ɗana. Fuskanka ya nuna an cuce ka. Mene sunanka?”

Na ce Dauda. Hausarsu ta Zango, wato unguwannin baƙi, haka take, ba ruwanta da mace ko namiji, sai da kunnena ya saba. Ta ba ni wuri a zaurenta tare da wasu Zabarmawa 'yan dako, na shiga ɗaukar kaya tare da su.

Sai dai akwai abin da ban faɗa ba. Ni Bahaushe ne, amma Kirista, daga wani ƙauye na tubabbun Maguzawa a ƙasar Zazzau. Kowa a Nima ya ji suna Dauda ya ji Hausa, ya gama yanke hukuncin cewa ni Musulmi ne. Da aka ga ba na bin jam'i sai aka fara kallona a kaikaice. Hajiya kaɗai na gaya wa, ta ce, “To, Allah ɗaya ne ya yi mu,” ta ci gaba da suyarta. Cocin da na leƙa a unguwar Kokomlemle kuma da yaren Ga da Turanci suke waƙa, suna kallon rigata kamar na yi ɓatan hanya. Kewar gida ta kama ni har tuwon dawa nake mafarki.

A wannan hali na haɗu da Ayamga, wani Bafarafare daga arewacin Gana, mai saƙar kwando, mutum mai yawan dariya da wushirya. Shi ya ce mini akwai wani gida a bayan Maamobi inda Kiristoci 'yan arewa suke zaune wuri ɗaya kamar 'yan'uwa, a ƙarƙashin wani bawan Allah da ake kira Uba Sila. Na bi shi na koma can da zama.

Wari ne ya gabatar mini da Uba Sila kafin in gan shi. Yana zaune a wata bukkar langa-langa, sanye da buhun zuba 'ya'yan koko da ya yi baƙi ƙirin, gemunsa ya dunƙule, ƙwarƙwata na yawo a wuyansa bai kore ta ba. A da malamin coci ne a wani gari, ya bari. Ya rantse ruwa ba zai sake taɓa jikinsa ba. Zan faɗi gaskiya a kansa: ba macuci ba ne irin na tasha. Na zauna da shi wata da watanni, ban taɓa kama shi yana ci a ɓoye ba. Abin da yake faɗa shi yake yi, kuma wannan ne ya sa ya fi ɓarawon akwatina haɗari.

Mu goma sha wani abu ne a gidan. Muna saƙa kwanduna da igiya, muna cin busasshen burodi da gishiri bayan faɗuwar rana. Kullum da hantsi Uba yakan ba mu labarin magabata na hamadar Masar, kuma ya iya ba da labari. Ya gaya mana wani saurayi ɗan masu gona a Masar, shekara ɗari biyu da wani abu bayan Almasihu, wanda iyayensa suka rasu suka bar masa dukiya. Ya shiga coci ya ji ana karanta inda aka ce wa mai arziki ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, sai ya ɗauka da shi ake. Ya rabar da gonaki, ya danƙa ƙanwarsa ga wasu mata masu ibada, ya koma bayan gari. Daga nan ya koma cikin kaburbura yana fama da shaiɗanu, daga nan ya haye kogin Nilu ya shiga wata tsohuwar ganuwar soja da aka yi watsi da ita, ya toshe ƙofa. Kusan shekara ashirin yana ciki, sau biyu a shekara ake jefa masa burodi. Ya gaya mana da sarkin Rum ya daina kashe Kiristoci, coci ta cika da masu neman muƙami, sai masu gaskiya suka ga tunda ba mai kashe su saboda Almasihu, gara su kashe son zuciyarsu da kansu, suka yi ta kwarara hamada. Ya gaya mana na ƙasar Sham da ya shekara talatin da wani abu a kan ginshiƙi, da waɗanda suke kiwo a daji suna cin ciyawa.

Labarin yana ƙarewa sai gasa ta tashi. Wannan ya kwana biyu bai ci ba, wancan ya yi uku don ya fi shi. Wani ya ɗaura igiya a ƙugu har ta ci nama, wurin ya yi ruwa, ƙuda na binsa, shi kuwa yana ɗaga riga don a gani. Mata kuma suna zuwa daga Nima har unguwar Adabraka neman haihuwa da sa'ar kasuwa, su durƙusa su taɓa ƙafar Uba mai kaushi da dauɗa su shafa a fuskar jariransu. Ranar da na fara ganin haka sai da na zagaya bayan bukka na tofar da yawu.

Ni aka ɗora wa kai kwanduna gari, don na iya ɗan Turanci. A Adabraka akwai wani kantin magani na wani tsohon Bamisire, Malam Girgis, wanda ya yi shekaru yana akawu a Kano, Hausarsa ta fi ta rabin Nima. Ya juya wani kwando a hannu, ya ce wa ya koya mana fara saƙa da addu'a, don ya ga ƙaramin gicciye a gindin. Na gaya masa. Ya ɗaga hannun riga ya nuna mini gicciyen da aka tsaga masa a wuyan hannu tun yana yaro. Ashe da ƙuruciya ya yi shekara biyu a wani gidan zuhudu a hamadar ƙasarsu, ya ga ba zai iya ba, ya fito.

Na kwashe labaran Uba na zuba masa ina alfahari. Ya saurara, ya ce, “Duk gaskiya ne. Amma ɗana, an ba ka kan labari an riƙe gangar jikin. Shi wancan na cikin ganuwa, ya gaya muku yadda ya fito?”

Na ce a'a.

“Mutane ne suka ɓalle ƙofar. Ya fito lafiya lau, bai rame ba, bai yi ƙiba ba, hankalinsa garau. Abin da aka yaba ke nan, ba yunwar ba. Kuma bai fara da ganuwa ba, sai da ya daɗe yana koyo wurin wani tsoho. Waɗanda suka bi bayansa ma ba su watse kamar awaki ba. Kowa da ɗakinsa nesa da na wani, yana saƙa igiya da kaba yana karanta Zabura, amma Asabar da Lahadi sai an taru a yi sujada a ci abinci tare. In ba a ga mutum ba, an san ba lafiya, a je a duba shi. Duk da haka da yawa sun lalace. Wani ya haukace, wani girman kai ya cinye shi, ya ɗauka mala'iku ke masa magana.”

Tun daga ranar, duk zuwana sai ya sa ni a benci ya ba ni shayi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya ba ni labarin wani bamaguje a kudancin Masar da aka kama aikin soja dole, aka kulle shi da sauran waɗanda aka kama a wani gari, sai ga waɗansu baƙi sun kawo musu abinci. Ya tambaya su wane ne, aka ce Kiristoci. Da aka sallame shi ya yi baftisma, ya yi shekaru a hannun wani mai halwa, sannan ya tara mutane. Karon farko bai yi nasara ba. Shi yake musu girki da hidima, su kuwa suna raina shi, kowa na yin abin da ya ga dama, har ya kore su. Da ya sake farawa sai ya kafa ƙa'ida. Ya kewaye wurin da katanga mai ƙofa ɗaya. Ya raba mutane gida-gida bisa sana'a, masaƙa a nan, masu toya burodi a can, kowane gida da shugaba da mataimaki. Ba wanda ya mallaki ko allura. Mai son shiga sai ya kwana da kwanaki a bakin ƙofa ana gwada shi, kuma dole ya koyi karatu ko ba ya so. Akwai ɗakin majinyata. Ƙanwarsa ma ta shugabanci gidan mata a kan wannan tsari.

“Ka san abin da ya fi burge ni?” in ji Malam Girgis. “Wurin cin abinci kowa yakan ja hular rigarsa ya rufe fuska, don kada ka ga nawa ɗan'uwanka ya ci. Mai azumi ya yi abinsa, ba mai tafa masa.”

Na tuna mai igiya a ƙugu.

Wata rana kuma ya kawo labarin wani babban limamin coci a ƙasar da Turkawa suke yanzu, wanda ya zagaya Masar ya ga masu halwa, ya dawo ya ce zaman jama'a ya fi. Hujjarsa ita ce mai zaman kaɗaici ba shi da wanda zai yi wa hidima, ba shi da wanda zai nuna masa laifinsa. Almajiransa suna tambaya yana amsawa, amsoshin suka zama ƙa'idarsu. Gidajensa kusa da gari suke, suna kula da marasa lafiya da marayu, kuma ba a yarda mutum ya ƙara wa kansa azumi don ya fi 'yan'uwa ba. Na ƙarshe shi ne wani mutumin Italiya, wajen shekara ɗari biyu bayan sojan nan, wanda shi ma ya fara da zama a kogo. Shi ya rubuta ƙa'idar da ta cika ƙasar Turai. An raba yini tsakanin addu'a da aiki da karatu. An auna burodi, an ce dafaffen abinci iri biyu, don wanda bai iya cin wannan ba ya ci wancan. Majinyaci a yi masa wanka, a ba shi nama. Sabon shiga ya shekara ana karanta masa ƙa'idar sau uku, kowane karo a ce masa ga ƙofa in ba zai iya ba. Halwa kuwa sai wanda ya daɗe ya gogu a cikin jama'a.

Na ce, “Amma Malam, mu ma biyayya ake koya mana.”

“Su ma suna biyayya, mai tsanani ma. Bambancin shi ne 'yan'uwa ke zaɓen shugaba, in babban al'amari ya taso sai ya tara kowa ya ji shawara har ta ƙaramin cikinsu, kuma takardar tana kansa kamar yadda take kan kowa. Naku wa ke kansa? Mutumin Italiyan nan ya yi maganar irinku, masu zama ba ƙa'ida, abin da ransu ya so shi ne tsarki.”

Ayamga ne ya fi kowa ɗaukar labaran Uba da gaske. Dariyarsa ta ɗauke, wushiryar ta koma kamar rami a fuskar gawa. Wata safiya na dawo daga famfo na tarar ana kwaɓa ƙasa. An gina wani ɗan ɗaki a jikin katanga, tsawonsa bai kai mutum ya miƙe ba, an sa Ayamga ciki, ana toshe ƙofar da tubali, 'yan'uwa na waƙa. Ƙaramar kafa kawai aka bari, ta miƙa burodi da ruwa.

Na durƙusa gaban Uba na ce, “Uba, a yi haƙuri, mutumin nan tari yake yi. Magabatan da kake ba mu labari, ai daga baya sun rubuta ƙa'ida don irin wannan. Mu ma mu rubuta tamu, ko layi kaɗan ne: awon abinci, da kula da marar lafiya, da shawara.”

Ya dube ni da jajayen idanunsa, ba fushi, ya ce, “Takarda ta raunana ce, Dauda. Da wuta ta mutu a hamada, sai aka kawo alƙalami. Ni wuta nake nema.”

Na ruga Adabraka na roƙi Malam Girgis ya zo ya yi magana, tunda shi ya ga abin da idonsa. Ya shiga gyara kwalabe a kan kanta. Ya ce shi baƙo ne a ƙasar nan, lasisinsa a hannun hukuma yake, ba ya son rigimar addini. Ya ƙunsa mini maganin tari ya ce in jefa ta kafar. Na kalli tsohon nan da ya san ƙa'idoji uku da ka, na ji ƙyamarsa ta kusa kai ta Uba. Ban sake shan shayinsa ba.

Mako ya shige, wani ya bi. Labari ya bazu cewa akwai waliyyi a cikin bango a Maamobi, jama'a suka ninka. Ɗakin ba masai, ba taga, ga zafin langa-langa. Abin da ke fitowa ta kafar nan ba zan iya kwatanta shi ba, amma mata suna kanga hanci a wurin suna cewa ƙanshin tsarki ne. Ina kiran Ayamga yana amsawa da tari. Ranar da na miƙa burodi na ji na jiya yana nan ba a taɓa ba, na kira shiru, sai na nufi Nima.

Hajiya Memuna ba ta bar ni na gama ba. Ta sauke kaskon ƙosai, ta ɗaura gyale a ƙugu.

“Mutum da rai aka gina shi cikin bango? Wannan ba addini ba ne, ɗana, wannan hauka ne. Ina Zabarmawa? Ku tashi!”

Ta ba ni taɓarya. Muka tsallake kwata da rana tsaka, ni da ita da 'yan dako huɗu. 'Yan'uwa suka tare mu suna kuka, Uba ya ɗaga hannu yana la'antata, ban tsaya ba. Bugu kaɗan tubalin ya rufta. Warin da ya bugo ya sa ɗaya daga cikin Zabarmawan ya yi amai nan take. Ayamga na kwance cikin ƙazantarsa, tsutsa a gyambon ƙafarsa, nauyinsa bai fi na ɗan akuya ba.

A asibiti aka wanke gyambon aka ba da magani, muka dawo da shi zauren Hajiya. Ita ta riƙa ba shi koko da ludayi kamar jariri, ni nake masa wanka. Sannu a hankali nama ya fara dawowa. Amma bai taɓa yi mini magana ba sai ranar da ya iya tsayuwa. Ya dafa bango ya ce, “Ɗan'uwa, saura kaɗan in ga abin da suka gani. Kai ka fizge ni.”

Na zauna na ba shi duk abin da na ji a Adabraka, sojan da katangarsa, da hular rufe fuska, da naman majinyata. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Waɗannan sun ji tsoro ne.” Washegari da na dawo daga dako, tabarmarsa a naɗe.

Na bi shi Maamobi. Na same shi da kansa yake kwaɓa ƙasar, yana jera tubalin daga ciki, jama'a sun yi da'ira suna waƙa. Na je wurin 'yan sanda, wani kofur ya ce babu dokar da ta hana baligi ya rufe kansa a ɗaki, in an kashe wani in dawo. Uba ya sa ƙarti biyu gadin bangon da kulake.

Da damina ta kankama Ayamga ya mutu. Ba a ma san ranar ba, sai da ƙudaje suka faɗa. 'Yan'uwa suka fitar da shi ta rufi don kada a taɓa bangon, suka binne, suka shafe ɗakin da farar ƙasa.

Na sami aikin lebura a ginin tashar jiragen ruwa ta Tema, na yi shekara biyu ina tara na mota. Kafin in kama hanyar gida na je na yi wa Hajiya sallama, ta cika mini ƙunshi da ƙosai, ta ce in gaida uwata. Daga nan ƙafa ta ja ni Maamobi. Uba Sila na nan da buhunsa, almajiransa sun fi na da yawa. A gaban ɗakin Ayamga mata sun yi layi, kowace da cokali, tana kankarar ƙasar bangon tana ƙullewa a bakin zane, wai a jiƙa a sha maganin tari ne. Sun ci bangon har ya huje, rami ya buɗe wanda ƙato zai iya shiga ya fita ba tare da ya sunkuya sosai ba. Wata ta ga na daɗe a tsaye, ta matsa mini wuri, ta miƙo mini cokalinta.